Lissafin Gida Ga Wadda Ba Ta Da Albashi: Jawabin da aka gabatar a taron cikar shekarar ƙungiya



Shugaba, uwar ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna can gefe, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana da rai da lafiya.

An ce in yi magana a kan yadda za a tsara kuɗin gida wata-wata. Ni ba malamar makaranta ba ce. Kayan miya nake sayarwa, busasshiyar kuɓewa da kuka da barkono da daddawa, ina cin kasuwar Dambatta ranar Lahadi da ƙananan kasuwannin da ke kusa da mu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na shiga aji. Saboda haka abin da zan faɗa lissafin 'yar kasuwa ne, wanda ake yi da littafi ɗaya da biro.

Wahalarmu ita ce wannan. Ma'aikaci ya san ranar da albashinsa zai shigo, ya san nawa ne. Mu kuwa manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, da kaka. 'Yar kasuwa tana gani kowane mako, amma na wannan makon ba ya kama da na wancan. Ciki kuma bai san kaka ba, bai san damina ba, kullum sai an ɗora tukunya. To ta yaya za a haɗa shigar da ba ta da tsari da fitar da ba ta fashi? Abu huɗu zan kawo, kuma zan bi su da misalin gida guda. Kuɗin da zan ambata na misali ne don lissafi ya fito, kowa ta sa nata a wurin.

Gidan da za mu ɗauka na mutum takwas ne: maigida, matarsa, yara biyar da mahaifiyarsa. Shi yana noma gero da dawa da wake a 'yan gonakinsa, irin namu na nan da ba su da faɗi, kowace an kewaye ta da ta maƙwabci. Ita kuma tana sayar da kayan miya da jarin naira 60,000.

Abu na farko: a fara da rumbu, kada a fara da aljihu

Mafi girman abin da gidan ƙauye ke ci hatsi ne, kuma hatsi ba da naira ake lissafa shi ba, da kwano ake yi. Naira tana hawa tana sauka, amma kwanon da ke ƙosar da gidanki bara shi ne zai ƙosar da shi bana, sai in an ƙaru.

Ga yadda ake yi. Ki yi mako guda kina lura da awon da ake fitarwa, na tuwon dare da na koko ko fura. Kada ki yi kirdado, ki auna da kwanon kasuwa. A gidan misalinmu an ga kwano ɗaya da rabi ake ci a rana. A wata ke nan kwano 45. Buhu kuwa kun sani kwano 40 ne, to gidan nan buhu ɗaya ba ya kai su wata.

Sai a jira dawa ta shigo gida, wajen farkon Disamba, a zauna a ƙidaya. In damma ne a rumbu, a sussuke dami biyu ko uku a auna a ga kwano nawa dami ke bayarwa, domin damin bana ba lallai ya yi nauyin na bara ba. A cire zakka in ta kai, a cire iri, a cire abin da aka saba ba 'yan'uwa da na biyan rancen damina. Abin da ya rage shi ne na ci. A gidan nan buhu 9 ya rage, kwano 360 ke nan. In aka raba da 45 zai ba da wata takwas cif. Daga farkon Disamba, wata takwas zai kai su ƙarshen Yuli.

To yaushe sabon gero ke shigowa? A nan wajenmu sai cikin Satumba. Ke nan akwai ramin wata ɗaya da rabi, Agusta gaba ɗaya da rabin Satumba, wajen kwano 68. A ce buhu biyu, saboda baƙo da ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan ramin duk mun san shi, shi ne lokacin marka, rumbu ya yi ƙasa, ana tsakiyar aikin gona, kasuwa ba ciniki. Bambancin kawai shi ne wani gidan tun Disamba ya san buhu biyu ne zai rasa, wani kuma sai ranar da aka leƙa rumbu aka ga ƙasa.

Wanda ya sani tun Disamba, yana sayar da wakensa sai ya fara cike wannan ramin kafin komai. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da damina. Na ce yawancin shekaru, domin a 2025 mun ga akasin haka: bayan tsadar 2024 farashi ya karye, waɗanda suka tara buhuna don su ci riba da yawa sun yi asara. Amma a lura, hatsin ci ba na neman riba ba ne. In kin ajiye buhu biyu don Agusta farashi ya sauka, abin da kika rasa kaɗan ne, yara sun ci tuwo. In ba ki ajiye ba farashi ya tashi, akuya ce za ta tafi ko kuma bashi ya shigo.

Iyayena maza, wannan ƙidayar taku ce, amma ba za ta yiwu ba sai da mu, domin mai girki ce ta san awo. In gidan mata biyu ne ko uku, a yi ta a gaban kowa, kowace ta san kwano nawa ne na ranar girki. Yawan rigimar "ta cika ɓarna" daga rashin auna awo take tasowa.

Abu na biyu: ki san ribarki, kada ki ɗauki ciniki a matsayin riba

Yanzu mu koma kan jakar matar. Mace za ta dawo kasuwa da kuɗi dam a lalita, ta ji ta samu. Alhali yawancin kuɗin nan ba nata ba ne, na kaya ne, gobe za su koma wurin mai sari.

Ga lissafin zagaye ɗaya. Ta saro kayan 60,000, ta sayar da su duka a kan 75,000. Wata za ta ce ribar 15,000 ke nan. A'a. Kuɗin mota zuwa da dawowa da kaya ya ci 3,000. Dako da kuɗin rumfa 1,000. Leda da abincin da ta ci a kasuwa 1,000. Saura 10,000. A ciki kuma akwai 2,000 da maƙwabta suka ɗauka bashi ba su kawo ba. Abin da ke hannunta na gaskiya 8,000 ne. Bashin da ke waje a rubuta shi a shafinsa daban, kada a sa shi cikin riba sai ranar da ya shigo. Haka kuma kuka da daddawar da take ɗiba a cikin kayan sayarwa tana zubawa a miyar gida, su ma a rubuta su, domin daga jari suke fita ko da ba a ga kuɗi sun motsa ba.

Akwai kuma wani ɓarawo da ba ya haura katanga. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota da na kaya suka tashi, da yawa daga cikinmu jarinsu ya ƙanƙance ba su sani ba. Mace za ta ce jarina 60,000 yana nan ban taɓa ba. To amma da wannan kuɗin buhu nawa yake saro miki, yanzu nawa yake sarowa? In da yana kawo miki kwano ashirin na barkono yanzu sha bakwai yake kawowa, kwano uku sun tafi. Saboda haka jari ma da kaya ake auna shi. Ki rubuta a bangon littafinki: jarina kwano kaza na wannan, kwano kaza na wancan. Duk ranar sari, sai kin mayar da wannan adadin tukuna, abin da ya yi saura shi ne riba.

Wadda ba ta iya rubutu ba tukuna, ta sa ɗanta ko 'yarta mai zuwa makaranta ya rubuta mata duk daren kasuwa, ko ta yi da ajami in shi ta iya. Layi uku ne kawai: na saro na nawa, na sayar na nawa, hanya ta ci nawa. Ajin manya kuma yana nan. Tun 1980 jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, kuma ni shaida ce, wata shida ya isa mace ta iya rubuta lamba da tarawa da ɗebewa.

Abu na uku: ki yanka wa kanki albashi

Nan ne zuciyar maganar. In kin yi shekara kina rubutu, za ki ga ciniki yana da lokutansa kamar yadda gona ke da nata. Ko ba ki rubuta ba, in kin zauna kin tuna za ki iya kasa watanni kashi uku.

Matar misalinmu ta kasa nata haka. Daga Nuwamba zuwa Maris, wata biyar, mutane na da kuɗin kaka, ana bukukuwa, tana samun ribar 45,000 a wata. Afrilu da Mayu, da Satumba da Oktoba, wata huɗu, tana samun 30,000. Yuni da Yuli da Agusta kuwa, kowa kuɗinsa ya tafi gona, ɗanyen ganye da ɗanyar kuɓewa sun fito ba mai neman busasshe, 20,000 take samu. In aka tara duka, ribar shekara 405,000 ce.

Ga inda ake faɗawa rami. Da kaka kuɗi na shigowa, sai hannu ya saba da kashe 45,000 a wata. Miya ta saba da nama, yara sun saba da kuɗin kashewa, an shiga adashi biyu. Damina na zuwa samu ya koma 20,000, amma bakin gida bai koma ba. Giɓin 25,000 ke nan a wata, wata uku 75,000. Jarinta kuwa 60,000 ne. Kun ga kafin sabon gero ya shigo jari ya ƙare har da bashi a kai. Wannan shi ne dalilin da ya sa kowace shekara za ku ga mata sun daina fitowa kasuwa a watan Agusta, da kaka su dawo suna neman rance. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin albarka ba ne. Ma'aunin kaka aka shiga damina da shi.

Maganinsa shi ne ta yanka wa kanta albashi, ta riƙa biyan kanta kamar ita ma'aikaciyar kanta ce. Kuma albashin nan ba a yanka shi a kan watan samu. Ana yanka shi kusa da watan rashi, a ɗan ɗaga kaɗan yadda gida zai iya rayuwa. Ita ta tsayar da 25,000 a wata, wajen 6,000 ke nan duk mako. Ko ta samu 45,000, 25,000 za ta shiga gida. Ko ta samu 20,000, 25,000 ɗin dai za ta shiga, a ciko 5,000 daga ajiya.

Kun san a addini da al'ada ciyarwa tana kan maigida, kuma kuɗin mace nata ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a yawancin gidajenmu akwai abubuwan da mace ke toshewa. Gara a san su a sa musu iyaka da a bar su suna cin jari a ɓoye. Ga yadda ta raba nata: 10,000 ƙarin cefane, wato mai da gishiri da ɗanɗano, 4,000 niƙa, 3,000 sabulu da omo, 3,000 kuɗin tara na yara da na Islamiyya, 2,000 zubin ƙungiya, 3,000 na kanta, man shafawa da katin waya. Wannan na ƙarshen kada a cire shi don a nuna ƙoƙari. Macen da ba ta ware wa kanta komai ba, a jari za ta ɗiba.

Yadda ake riƙe shi a aikace ba wuya. Lalita biyu, ko gwangwani biyu. Daren kasuwa ki zauna ki ware kuɗin sari tukuna ki ɗaure. Ki ɗauki na mako ki sa a lalitar gida. Abin da ya rage ya bar ɗakin tun kafin gari ya waye a fara sallama. In na gida ya ƙare ranar Alhamis, a yi miyar kuka har Lahadi, daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu mu ga abin da ya taru. Watanni biyar na samu, kowanne ya bar 20,000, 100,000 ke nan. Watanni huɗu na tsaka-tsaki, kowanne ya bar 5,000, 20,000 ke nan. Jimla 120,000. A cire 15,000 na cikon albashin damina, saura 105,000. Wannan kuɗin ba rara ba ne, yana da masu shi, su ne za mu gani yanzu.

Abu na huɗu: manyan hidimomi ba ba-zata ba ne

Mukan ce abu ya taso mana. Amma in muka duba, yawancin abin da ke tasowa mun san da zuwansa. Sallah ba ta taɓa zuwa ba sanarwa. Makaranta zango uku ce kowace shekara. Zazzaɓin cizon sauro da damina yake kwantar da yara. Bikin 'yar ƙawarki, tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa kika sani. Abin da ba mu sani ba shi ne wane yaro ne zai kwanta, amma cewa wani zai kwanta, wannan kusan tabbas ne.

Ita ta raba 105,000 ɗinta gida biyar. Kayan sallar yara 30,000. Littattafai da kayan makaranta 18,000, wato 6,000 kowane zango. Biki da suna 24,000. Rashin lafiya 18,000. Ƙarin jari 15,000, saboda tsadar da na faɗa ɗazu.

A kan sallah akwai abin lura. Watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, damina kuwa tana nan inda take. A 2024 babbar sallah ta faɗo 16 ga Yuni, a 2025 ta faɗo 6 ga Yuni, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da na huɗa da shuka. Gidaje da yawa a shekarun nan sai da suka zaɓa tsakanin rago da taki. Saboda haka duk farkon shekara a duba kalanda a ga azumi da salloli a wane lokacin noma za su faɗo. In sun haɗu da shuka, a sayi yadin yara tun da sanyi a kai wa tela, maigida kuma ya sayi takinsa tun ranar da ya sayar da wake, kada su haɗu a wata guda.

A kan biki kuma, na san nan ne za a harare ni. Gudummawa ba ɓarna ba ce, ajiya ce a hannun mutane, ranar taki za ta dawo. Amma al'adar ninkawa, ta kawo miki dubu biyu ki kai mata huɗu, ta dawo miki da takwas, tana kai mace inda ba za ta iya ba. Ki rubuta wa ya kawo miki nawa, ki san bashin da ke kanki. Ki tsayar da abin da za ki iya a shekara. In 24,000 ce, 2,000 ke nan a wata, watan da ba biki ta taru ta jira watan da suka yi uku. Anko kuma ba farilla ba ne. Ƙawar gaskiya za ta karɓe ki da tsohon zane.

To a ina za a ajiye kuɗin? Kowane kashi da gidan da ya dace da shi, gwargwadon saurin da za a neme shi.

Kuɗin rashin lafiya dole ya kasance inda hannu zai kai gare shi cikin dare. Ba a sa shi a adashi, domin uwar adashi ba za ta ba ki kwasa ba don ɗanki ya kwanta. Ba a sa shi a akuya, domin akuyar da aka kai kasuwa da gaggawa mai saye ne ke yanka mata kuɗi. Rabi a hannu, rabi a asusun waya ko na banki. Mun ga dalilin rabawa a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da mai kuɗi a banki ya kasa cirewa, mai tsofaffin takardu a gida kuma aka ƙi karɓa.

Cikon damina da kuɗin makaranta su ne suka dace da asusun ƙungiya, domin an san watan da za a neme su, kuma ba sa kusa da hannu. Kuɗin sallah ya dace da dabba: 'yar tunkiya ko akuya da aka saya da kaka, ta ci harawa da dusar gida, a sayar gab da sallah, takinta kuma ya tafi gona. Sai dai dabba tana ciwo tana mutuwa, kuma in sai kin sayi harawa da bazara ribar ta ragu. Kada a zuba duka ajiya a kanta.

Adashi kuwa sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, zubin ya zama wanda za ki iya ko a watan Agusta. In da kaka kika shiga na 5,000 duk mako, 20,000 ke nan a wata, ribar damina gaba ɗaya, za ki koma cin bashi don ki yi zubi. Na biyu, ki nemi kwasarki ta faɗo inda kike da buƙata. Kowa na rububin kwasar farko, alhali wadda ta kwasa a Janairu ba ta da abin yi da kuɗin sai kwalliya, sannan ta yi ta zubi har damina. Wadda ta kwasa a Mayu ko Yuni, ita ce adashi ya yi wa rana.

Yadda za ki gane lissafi ya fara karkacewa

Tsari ba ya rushewa rana ɗaya, yana ba da alama. Ta farko, kayan da kike sarowa suna raguwa mako bayan mako alhali ciniki bai canja ba: ana cin jari. Ta biyu, kin fara karɓar kaya bashi a wurin mai sari bayan da kuɗi hannu kike saye. Ta uku, shafin bashin da kike bin mutane ya wuce ribar mako biyu: nan sai a tsayar da ba da bashi har a karɓo. Ta huɗu, an taɓa buhunan Agusta tun a watan Mayu, ko an ɗebi hatsin ci an kai kasuwa don kuɗin cefane. Kwano biyu yau, uku gobe, shi ne ke mayar da ramin wata ɗaya da rabi ya zama na wata uku.

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki jira. Ki rage albashin da kika yanka da dubu biyu ko uku na ɗan lokaci, ki fara da abin da ba ya taɓa cikin yara. In an kai ga taɓa ajiya, akwai jeri: a fara da na biki, sannan na kayan sallah, sannan dabba. Jari da iri su ne na ƙarshe, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Zan kuma faɗi iyakar wannan tsari don kada a ce na yi alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Lissafi ba ya haifar da kuɗi. Akwai 'yar'uwar da ribarta ko a watan samu ba ta kai abin da gidanta ke ci ba, musamman wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Akwai shekarar da ruwa zai ɗauke da wuri, buhu tara ya koma huɗu. Akwai ciwon da zai kai mutum asibitin Kano ya cinye ajiyar shekara a mako guda. A irin wannan, amfanin littafi shi ne ya nuna girman ramin da wuri, tun ana iya neman mafita: maigida ya tafi cin rani ko aikin lambu a bakin dam da niyyar buhu kaza zai cike, ko mace ta zo ƙungiya da lissafinta a hannu. Kuma ina roƙon shugabanninmu, wadda ta zo neman rance a duba littafinta tare da ita. Rancen da za a ƙara jari daban, rancen da za a ci daban. In na ci ne, gara mu san haka mu taimaka mata ta hanyar da ta dace, da mu ɗora mata biyan da zai karya ta.

Wadda ke son farawa, ga aikin wannan makon. Ki auna awon gidanki na kwana bakwai. Ki rubuta layi ukun nan a daren kasuwa mai zuwa. Ki nemi lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, ku ƙidaya abin da ke rumbu ku ga wane wata zai kai ku. A taron wata mai zuwa kowa ta zo da littafinta, mu da muka ɗan iya za mu zauna da ku bayan an tashi, mu fitar wa kowa albashinta.

Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu da gonakinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba.